Turnitin ya kama ni da rubutun kaina, wai shi ma satar fasaha ne?

"Salam Malam, dan Allah ina neman haske. Ina mastas a tattalin arzikin noma, aikin nawa ci gaba ne na furojet ɗin digirina na farko da na yi a 2019 kan asarar tumatir bayan girbi a yankin Kura, wanda ni da sufabaizana na lokacin muka fitar da takarda daga ciki a mujalla a 2021. An sa aikin a Turnitin ya fito 38%, makaranta kuma 20% take karɓa, kuma 26 daga ciki rubutuna ne na baya. Ta yaya mutum zai saci kayansa? Ga rahoton da babukan nan na haɗo."

Wa alaikumus salam ƙanina. Na buɗe abin da ka turo na duba, kuma bari in fara da inda kake da gaskiya: ba ka saci komai ba. Sunan da aka laƙaba wa abin, wai satar fasahar kai, shi ke rikita mutane, ni kaina ban taɓa son sunan ba. Wanda ake cuta a nan mai karatu ne, ba mai rubutu ba. Kamar mai tuwo ce ta ɗumama na jiya ta zuba maka a matsayin na yau, tuwon nata ne babu musu, ba ta ɗauko na kowa ba, amma kai kuɗin sabon tuwo ka biya. Da ta ce maka ɗumame ne ka ce zuba, shikenan babu laifi. Haka estanal ɗin da zai karanta aikinka, ya zauna ne da zaton duk abin da ke cikin kundin nan an yi shi ne saboda wannan digirin, in akwai wanda an riga an ba ka maki a kansa a 2019 to haƙƙinsa ne ya sani.

Amma akwai abin da yawancin ɗalibai ke kuskurewa, kuma shi nake so ka riƙe. Mutane suna zaton da zarar ka rubuta sunanka da shekara a baka-biyu to magana ta ƙare. Ba haka bane. Ambaton kanka yana warware matsalar ɓoyewa ne kaɗai. Bai ba ka izinin karɓar maki sau biyu a kan aiki ɗaya ba, wannan sai makaranta ko malamin kwas ya yarda, kuma bai ba ka izinin sake buga abin da ka riga ka sa hannu ka miƙa wa mujalla haƙƙin mallakarsa ba, wannan kuma sai ka koma ka duba yarjejeniyar. Kuma abin mamaki 26 ɗin nan taka ta taɓa duka ukun, kowane babi da irin tasa matsalar.

Na lissafa daga rahoton: wajen 15 daga babi na biyu take, ta yi daidai da furojet ɗinka, inda rahoton ya rubuta Student Paper. Wajen 8 daga babi na uku, ta yi daidai da takardar 2021. Sauran 3 ɗin a babi na huɗu. Na san idonka na kan 15 ɗin saboda ita ce babba. Ni kuwa 3 ɗin ce ta sa na ajiye shayina na gyara zama.

Bari mu fara da mai sauƙi, babi na uku. Bayanin yankin bincike, yadda ka zaɓi ƙauyuka, yadda ka lissafa kason asara, duk ka ɗauko su kusan kalma da kalma daga takardar. Wannan shi ne irin maimaicin da aka fi yi wa uzuri a ko'ina, har kwamitin nan na COPE da editocin mujallu ke bin shawarwarinsa ya nuna maimaici a sashen hanyoyin bincike ya fi karɓuwa a kan maimaici a sashen sakamako. Dalili a fili yake, Kura ba ta tashi daga inda take ba tun 2021, kuma hanyoyi nawa ne mutum zai faɗi cewa ya raba nauyin tumatir ɗin da ya lalace da nauyin wanda aka girbe ya ninka da 100? In ka matsa wa kanka sai ka canza kalmomi ƙarshe ma sai ka ɓata bayanin, mai karatu ya ɗauka wata hanya ce daban. Abin da za ka yi kawai shi ne a farkon sashen ka sa jimla ɗaya da ke cewa an bi hanyar da aka bayyana a takardar 2021, ka ambace ta kamar yadda za ka ambaci ta wani, sannan ka taƙaita abin da bai canza ba, ka ba da fili ga abin da ya canza. Na ga wannan karon ka ƙara da dillalai da direbobi, wanda a da manoma kaɗai ka tambaya, to nan ne ya kamata ka yi dogon bayani, amma sai ga shi ka ba shi layi huɗu ka ba tsohon bayanin shafi uku.

Sai dai ka lura, takardar 2021 ba taka bace kai kaɗai. Sunan tsohon sufabaizanka na kai. Duk jimlar da ka ɗauko daga ciki ba tare da ambato ba, kana iya cewa taka ce, shi ma yana iya cewa tasa ce, kuma a wannan gaɓar abin ya tashi daga maimaita kai ya fara kama da ɗaukar aikin wani. Kira shi ko ka tura masa saƙo ka sanar da shi, ba zai hana ba, amma ya sani. Sannan ka nemo takardar da kuka sa wa hannu lokacin da mujallar ta karɓi aikin. In an buga shi da lasisin CC BY to kana da damar sake amfani da rubutun da teburan muddin ka faɗi inda suka fito. In kuwa kun miƙa haƙƙin mallaka ne to ka karanta abin da aka bar muku, manyan kamfanonin buga mujallu da yawa suna barin marubuci ya sa takardarsa a cikin kundin digirinsa, amma a rubuce nake so ka gani ba a bakina ba, kuma in yarjejeniyar ta yi shiru ka rubuta wa edita imel na layi uku ka ajiye amsarsa.

Yanzu babi na biyu. Ka kwashe bitar ayyukan magabata ta furojet ɗinka ka juye, shafi goma sha ɗaya, har da wani kuskuren rubutu a sunan wani marubuci da ya biyo ka daga 2019. A nan ko ka ambaci kanka a ƙarshen kowane sakin layi ba ka tsira ba, saboda wannan aikin an riga an duba shi an ba ka digiri da shi, kuma shafin sheda da ke gaban kundinka, wanda za ka sa wa hannu, yana cewa ba a taɓa gabatar da aikin nan don neman wani digiri a ko'ina ba. Mutane na sa hannu a shafin nan ba sa karantawa. Shi ne kuma abin da kwamiti ke fara buɗewa ranar da rigima ta tashi.

Kuma ko da babu doka, ka dubi abin da idon basira. Aiki mafi sabunta da ka ambata a babin nan na 2018 ne. Mai duba aiki da ya san abin da yake yi ba ya buƙatar Turnitin, daga ganin shekarun ya gane ɗumame ne. Bitar digirin farko kuma yawanci jero sunaye ce, wane ya ce kaza wane ya ce kaza, ta mastas ana so ka gwama su ka nuna inda suka saɓa da gurbin da aikinka zai cike. Don haka shawarata ka rufe tsohon fayil ɗin gaba ɗaya, kar ka buɗe shi a gefe kana canza kalma ɗaya-ɗaya, ka koma ga ainihin littattafan da takardun ka sake karantawa ka rubuta sabo. Ga wani tarko da nake yawan gani: ɗalibi ya ji an ce ya ambaci kansa sai ya riƙa jingina wa furojet ɗinsa maganar da asali ta wasu ce. In a furojet ɗin ka kawo alƙaluman wata hukuma kan asarar kayan gwari, to hukumar za ka ambata yanzu, ba kanka ba. Kanka za ka ambata ne a abin da kai ka gano, misali cewa a 2019 ka samu mafi yawan asarar a kan hanya take faruwa saboda kwandon da ake jibgawa ɗaya kan ɗaya. Wannan naka ne, kuma ya cancanci shiga bitar a matsayin ɗaya daga cikin ayyukan da suka gabata.

Yadda ake rubuta shi ba wani abu ne mai wuya ba. Tunda sashenku tsarin APA yake bi, aikin digiri da ba a buga ba haka yake shiga jerin manazarta, na sa Wane a madadin sunanka:

```
Wane, A. (2019). Title of project [Unpublished undergraduate project]. Name of University.
```

Taken aikin a rubutun gicciye ake sa shi. In asaimen ne ko takardar semina da ka taɓa miƙa wa wani malami, sai ya zama haka:

```
Wane, A. (2023). Title of paper [Unpublished manuscript]. Department, Name of University.
```

A cikin rubutu kuma sunanka da shekara kamar na kowa, kar ka ji nauyi. In kalmominka na da ka ɗauko kai tsaye ka sa su a alamar zance da lambar shafi, in sun kai kalma 40 ka ware su a sakin layi nasu daban, ƙa'idar APA kenan. Amma gaskiya mutum ya riƙa kawo zancen kansa kai tsaye abin ba ya da kyan gani, sau ɗaya ko biyu ya isa, inda ma'anar wata kalma ce da ka tsara kake so ta tsaya yadda take.

Tunda na ambaci asaimen bari in ɗan ratse, don na san wasu za su karanta wannan da ba mastas suke ba. Ka rubuta asaimen a wani kwas a zangon farko, zango na biyu wani malami ya ba da mai kama da shi, sai ka canza bango ka miƙa. Wannan ambato ba ya gyara shi sam, ko ka rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa naka ne na bara. Izini ake nema, kuma kafin a miƙa, ba bayan an kama ba. Je ka samu malamin da tsohon aikin a hannunka ka ce Malam na taɓa rubutu kan wannan, zan iya ɗorawa a kai? Yawancinmu za mu ce eh amma ka ɗauki wani ɓangare daban, ko ka ƙara kaza. Wanda ya maimaita kwas saboda kariyoba shi ma haka, kar ya ɗauka tunda kwas ɗaya ne aikin bara zai wuce kai tsaye.

To mu dawo ga 3 ɗin nan ta babi na huɗu. Tebur na 4.2 ka rubuta manoma 200. A babi na uku ka ce an tattara bayanai a 2024. Amma takardar 2021 manoma 120 ce, kuma da na gwada teburan biyu sai na ga ƙauyuka uku na farko alƙalumansu ba su motsa ba ko da ɗigo ɗaya, yawan mutane ɗaya, matsakaicin shekaru ɗaya, kason asara ɗaya. Fahimtata ita ce ka tambayi sababbin manoma 80 a 2024 ka haɗa da tsofaffin 120 na 2019 ka kira su 200. In na yi kuskure ka gyara min. In kuwa haka ne to wannan ita ce matsalar da za ta iya cin aikin gaba ɗaya, kuma ka ga Turnitin ko kulawa bai yi sosai ba, 3 kacal ya ba ta, saboda jerin kalmomi yake kamawa, bai san ma'anar lamba ba.

Me ya sa ta fi sauran muni? Saboda rubutu in an maimaita shi lokacin mai karatu kawai aka ɓata, amma bayanai in an maimaita su a ɓoye sai a ƙirga su sau biyu. Gobe wani zai zo ya tattara binciken da aka yi kan asarar tumatir a Kano, ya ga takardarka ta 2021 ya ga kundinka, ya ce bincike biyu masu zaman kansu sun samu abu ɗaya, alhali mutum 120 ɗin nan ne suka yi magana sau biyu. Wannan ba hasashe bane, ya faru a fannin magani. A 1997 Martin Tramèr da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar BMJ kan ondansetron, maganin hana amai bayan tiyata, suka gano an sake buga bayanan wasu gwaje-gwaje a takardu daban-daban ba tare da an faɗa ba, kuma in aka haɗa da maimaicin a lissafi ƙarfin maganin yana fitowa da ƙarin 23% a kan yadda yake. Naka tumatir ne ba marar lafiya ba, amma hanyar ɓarnar ɗaya ce. Ga kuma matsala ta biyu wadda ta shafi sakamakonka kai tsaye: tsakanin 2019 da 2024 an cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma kai da kanka ka ce a kan hanya asarar take. Ka cakuɗa shekarun biyu a tebur ɗaya ka fitar da matsakaici, to matsakaicin me kenan?

Abin daɗin shi ne gyaran zai ƙara wa aikin daraja. Raba su. Ka faɗa ƙarara a babi na uku cewa bayanai kashi biyu ne, na 2019 daga manoma 120 wanda an riga an ba da rahotonsa a takardar 2021, da na 2024 daga manoma 80 wanda shi ne sabo. Teburin ya zama da shafi biyu gefe da gefe, a ƙasansa ka sa bayanin asali, irin wannan:

```
Note. 2019 data are from Wane and Wane (2021).
```

In teburin ko hoton takardar ka ɗauko ka ɗan sauya, APA na so ka fara da Adapted from, in ba ka taɓa shi ba ka fara da From, sannan bayanin haƙƙin mallaka ya biyo. Da ka yi haka aikinka ya tashi daga maimaici ya koma kwatanta kafin da bayan tsadar sufuri, wanda tambaya ce mai kyau da ban ga ka yi ta a kundin ba. Sai dai dole sufabaizanka na yanzu ya san da wannan kafin difens na cikin gida, don shi zai yanke ko 80 sun isa a matsayin sabon aikin mastas ko sai ka koma gona ka ƙaro, kuma gara ka ji wannan daga bakinsa a ofis da ka ji daga bakin estanal a gaban jama'a.

Game da lambar kanta, 38 ɗin. Malamin da ke riƙe da asusun Turnitin na sashe yana iya cire jerin manazarta da zancen da ke cikin alama daga lissafi, yana kuma iya cire wani tushe guda, kamar takardarka ta 2021, in an gamsu an bayyana ta yadda ya kamata. Kai ba za ka yi wannan da kanka ba, buƙata za ka rubuta ta hannun sufabaiza ka haɗa da kwafin takardar. In ka sake rubuta babi na biyu 15 ta tafi, ka taƙaita na uku 8 ta ragu, ka riga ka sauka ƙasa da 20 ba tare da roƙon kowa ba. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne kai aikin wurin masu cewa suna rage kaso da dubu biyar. Musanya kalmomi suke yi da makamantansu har jimla ta daina ma'ana, wasu kuma su cusa ɓoyayyun haruffa, Turnitin kuma yana da tutar da yake ɗagawa in ya ga irin wannan, sai ka tashi daga mai sakaci ka koma mai niyyar yaudara.

Akwai kuma wani abu da ke kama da wannan amma ba shi bane, ka kiyaye shi yanzu da za ka sake gwadawa. Wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofishina da rahoto a hannu tana hawaye, 94%, ta rantse ba ta kwafi kowa ba. Muka danna tushen sai ga shi aiki ɗaya ne tak, an miƙa shi sati biyu da suka wuce a wata makaranta da ba ta taɓa takawa ba. Ashe ta kai daftarinta wani shagon kwamfuta a bakin get don a duba mata kafin ta miƙa, mai shagon ya yi amfani da asusun wata makaranta kuma bai zaɓi no repository ba, sai daftarin ya zauna a rumbun, da aka sa na gasken ya ci karo da kansa. Ba laifin maimaici ta yi ba, amma sai da muka yi sati uku ana rubuce-rubuce kafin a yarda a cire tushen, don mai asusun ne kaɗai zai iya neman a goge, shi kuma mai shagon ya ce bai san zancen ba. Don haka gwajin ka yi shi ta sashenku, ka kuma tambaya da bakinka ko za a ajiye daftarin a rumbu.

Nan gaba in ka zo fitar da takarda daga wannan mastas ɗin, wanda na san za ka yi, mujallu da yawa ba sa ɗaukar kundin digiri a matsayin bugu na farko, amma ka faɗa wa edita a wasiƙar miƙawa cewa daga kundinka aikin ya fito, kuma wani ɓangaren bayanan ya taɓa fitowa a 2021, ka haɗa masa kwafi. Haka in wata rana ka so ka mayar da takardar zuwa Hausa don wata mujallar Hausa, fassara ba ta mayar da ita sabuwa, sai editocin biyu sun sani kuma an rubuta a shafin farko inda aka fara buga ta, kuma a takardar neman ƙarin girma ba a ƙirga su biyu.

Yanzu dai ka fara da teburin 4.2. Buɗe fayil ɗin bayananka ka ƙara shafi guda na shekara, ka sa 2019 ko 2024 a gaban kowane manomi, ka sake fitar da kason asarar kowace shekara daban, ka turo min in gani kafin ka taɓa babi na biyu.